Ina Ƙofar Take? Matakan da Jiki ke Sarrafawa a Hanyar Ƙona Suga

A makonnin nan saƙonni sun yi ta shigowa daga ɗaliban koyon aikin likita da na haɗa magunguna, wasu daga Maraɗi da Damagaram, wasu daga Katsina da Kano, kuma kusan duk tambaya ɗaya ce cikin riguna daban-daban. Wata ɗaliba ta ce ta haddace matakai goma na gilaikolisis, ta haddace takwas na zagayen Krebs, amma da aka tambaye ta a jarrabawa wane mataki ne ake sarrafawa kuma me ya sa, sai kanta ya ɗaure. To, abin da muka tattauna a shirin ke nan, ga shi kuma a rubuce don ka karanta a natse.

Bari mu fara da taƙaita tafiyar. Gilukos, wato sugan da ke yawo a jini, yana shiga ƙwayar halittar jiki, sai a bi da shi ta matakai goma har a raba shi gida biyu, a sami fairubet guda biyu da ribar ATP guda biyu. Wannan hanya ita ce gilaikolisis. ATP kuwa shi ne kuɗin kashewa na ƙwayar, da shi tsoka ke motsi. Daga nan fairubet ya shiga mitokondiriya, a mayar da shi asetil-CoA, sannan ya faɗa zagayen sitirik asid, wanda Hans Krebs ya bayyana a 1937 yana aiki a Sheffield ta Ingila. Kowane mataki yana da enzayim ɗinsa, wato sinadarin da ke hanzarta shi. Tambayar ita ce: cikin waɗannan enzayim goma sha takwas, wanne ne jiki ke riƙe wa linzami?

Ƙa'ida ta farko: ƙofa tana inda ruwa ke gangara

Ka tuna gonar noman rani. A ce akwai kududdufai biyu kusa da juna, ruwansu tsayi ɗaya, da 'yar hanya a tsakani. In ka faɗaɗa hanyar nan, babu abin da zai sauya, domin ruwan ba shi da inda zai gangara. Amma in tafki yana sama, gona tana ƙasa, to wanda ke riƙe da ƙofar da ke tsakaninsu shi ke da iko. Ya buɗe kaɗan, ruwa ya zo kaɗan. Ya buɗe da yawa, gona ta cika.

Haka abin yake a cikin ƙwaya. Bakwai daga matakan gilaikolisis suna kusa da daidaito, suna iya tafiya gaba ko baya gwargwadon abin da ya taru a kowane gefe. Ƙara wa enzayim ɗinsu ƙarfi ba ya sauya komai sosai. Matakai uku ne kaɗai ke da gangare mai zurfi, ba sa komawa baya: na farko, na heksokainas, na uku, na fosfofuruktokainas, wanda littattafai ke taƙaitawa PFK-1, da na goma, na fairubet kainas. A waɗannan ukun ne jiki ya kafa ƙofofinsa.

Ga tarkon da ɗalibai suka fi faɗawa. Littafi yana ba da teburin sauyin makamashi na ma'auni, wanda ake rubutawa ΔG°′, sai ɗalibi ya nemi lamba mafi girma ya ce nan ne ƙofa. Ba haka ba ne. Wannan lamba an auna ta ne a yanayin ɗakin gwaji, inda aka daidaita yawan kowane sinadari. Mataki na bakwai, na fosfogilisaret kainas, lambarsa ta ma'auni kusan −19 kJ/mol ce, ta fi ta PFK-1 da ke wajen −14. Amma a cikin ƙwaya mai rai, mataki na bakwai yana dab da daidaito, shi kuwa na PFK-1 gangarensa ya zarce −20. Saboda haka in an tambaye ka, abin dubawa shi ne ΔG na ainihi a cikin ƙwaya, ba na tebur ba.

Ƙa'ida ta biyu: ƙofa tana bayan mararraba

To, tunda uku ne, me ya sa ake cewa PFK-1 ne babba? Ai heksokainas ne a bakin hanya, kuma hankali zai ce mai gadin ƙofar farko shi ne shugaba.

Amsar tana cikin abin da heksokainas ke samarwa, wato gilukos-6-fosfet. Wannan sinadari a mararraba yake tsaye. Ana iya ajiye shi a matsayin gilaikojin, wato rumbun suga na tsoka da hanta. Ana iya tura shi hanyar fentos fosfet don samar da NADPH da sugan gina DNA. A hanta ma ana iya cire masa fosfet a mayar da shi jini. Gilaikolisis ɗaya ce kawai daga hanyoyin da ke gabansa. In da a heksokainas aka kafa babbar ƙofa, duk lokacin da ƙwaya ta ƙoshi da ATP ta rufe, to ta rufe har da hanyar rumbu. Ka ga an yi asara, domin lokacin ƙoshi shi ne ainihin lokacin ajiya.

Shi kuwa PFK-1, abin da yake samarwa, furuktos-1,6-bisfosfet, ba shi da wata hanya sai gaba. Ya wuce mararraba. Shi ya sa ake kiran wannan mataki matakin da aka ɗaura niyya, wanda daga shi babu sauya shawara. Manomi mai hankali ba ya toshe babbar hanyar ruwa don gonar albasa ta ƙoshi, alhali gonar tumatir na jira. Ƙofar gonar albasar yake rufewa.

Kuma in PFK-1 ya rufe, labari yana komawa baya da kansa. Furuktos-6-fosfet ya taru, shi kuma yana daidaito da gilukos-6-fosfet, sai wannan ma ya taru, taruwarsa kuma ita ke danne heksokainas. Ka ga ƙofa ta biyu ce ta ba ta farko umarni. Hanta ce ta fita daban: tana da nata nau'in, gilukokainas, wanda gilukos-6-fosfet ba ya danne shi, kuma ba ya kama aiki sosai sai suga ya yi yawa a jini, kamar bayan cin abinci. Aikin hanta ke nan, ta kwashe rarar da ta shigo.

Mu yi lissafi: mai gudu da tsokarsa

Yanzu ga abin da ke ruɗa mutane da yawa. PFK-1 yana amfani da ATP wajen aikinsa, amma kuma ATP ɗin ne ke danne shi. Yaya abu ɗaya zai zama abinci kuma ya zama takunkumi?

Enzayim ɗin yana da gurabe biyu da ATP ke zama. Na farko shi ne wurin aiki, kuma ko ATP kaɗan ne yana cika shi. Na biyu gurbi ne na daban a jikin enzayim ɗin, wanda ba ya cika sai ATP ya yi yawa. In ya cika, siffar enzayim ta sauya, ya daina kama furuktos-6-fosfet da kyau. Ma'anar saƙon a fili take: aljihu cike yake, a rage ƙona suga.

Amma akwai matsala. A ce saurayi ya tashi da gudu a filin ƙwallo. Gilaikolisis a tsokar cinyarsa yana ninkuwa sau da yawa cikin daƙiƙoƙi, alhali yawan ATP a tsokar bai ragu sosai ba. To ta yaya 'yar raguwa za ta buɗe ƙofa haka? Sirrin yana wurin wani ƙaramin enzayim, adenilet kainas, wanda ke haɗa ADP biyu ya fitar da ATP ɗaya da AMP ɗaya:

2 ADP ⇌ ATP + AMP

Wannan mataki kusa da daidaito yake, kuma don sauƙin lissafi za mu ɗauka cewa AMP = ADP² ÷ ATP. Mu sa lambobi na misali. Kafin gudu, ATP 5.0 ne, ADP 0.5. Sai AMP ya zama 0.25 ÷ 5.0, wato 0.05. Jimillar ukun 5.55 ce, kuma jimillar ba ta sauyawa cikin ɗan lokaci, sai dai su riƙa juyawa daga wannan zuwa wancan.

Gudu ya fara, ATP ya sauka zuwa 4.5, wato ya ragu da kashi 10 cikin 100. Abin da ya rage wa ADP da AMP su raba shi ne 1.05. In ka warware lissafin, ADP zai kai wajen 0.88, AMP kuma wajen 0.17. Duba da kyau: ATP ya ragu da kashi ɗaya cikin goma kawai, ADP bai kai ninki biyu ba, amma AMP ya ninku fiye da sau uku. AMP ne mai shela. Ƙaramin motsi a ATP, shi yake mayar da shi babbar ƙara. Yana zuwa ya zauna a jikin PFK-1, ya warware dannewar da ATP ya yi, ƙofa ta buɗe.

Saboda haka in takardar jarrabawa ta ce me ya sa AMP ya fi ATP dacewa da zama alamar yunwar makamashi, amsarka ke nan: yawansa kaɗan ne, kuma yana sauyawa da ninki, ba da 'yan kashi ba.

Hanta a lokacin azumi

Tsoka don kanta take ƙona suga. Hanta kuwa ma'ajin gari ce, jiki duka take yi wa hidima, don haka ba yunwar kanta kaɗai take saurare ba. Tana sauraren saƙon jini.

Ɗauki mai azumi da la'asar. Rabonsa da abinci tun sahur, sugan jini yana son sauka, ƙwaƙwalwa kuma ba ta haƙura da rashin gilukos. A wannan hali bai kamata hanta ta ƙona suga ba, kamata ya yi ta ƙera sabo ta zuba a jini. Me ke juya ta?

Akwai wani sinadari, furuktos-2,6-bisfosfet, wanda Emile Van Schaftingen da Henri-Géry Hers da abokan aikinsu suka gano a Beljiyam a 1980. Ka lura, 2,6 ne, ba 1,6 ba, kuma nan ma ɗalibai kan yi tuntuɓe. Na 1,6 matafiyi ne a kan hanya. Na 2,6 ba ya kan hanyar sam, ɗan aike ne kawai. Shi ne mafi ƙarfin mai zaburar da PFK-1 a hanta, kuma a lokaci guda yana danne enzayim ɗin da ke warware aikin PFK-1 a hanyar ƙera sabon suga. Ɗan aike ɗaya, ya buɗe ƙofar shiga, ya rufe ta fita.

Enzayim ɗaya ne mai kai biyu ke ƙera shi kuma ke rusa shi. In an ci abinci, insulin ya hau, kan da ke ƙerawa ne ke aiki, ɗan aiken ya yawaita, gilaikolisis ta kankama. In azumi ya yi nisa, gilukagon ya hau, sai a liƙa wa enzayim ɗin fosfet, kan ƙira ya tsaya, kan rusawa ya tashi. Ɗan aiken ya ɓace, PFK-1 ya lafa, hanyar ƙera suga ta buɗe. Wannan saƙo na gilukagon kuma shi ke kashe fairubet kainas na hanta, don kada abin da ake turawa sama ya sake zubowa ƙasa. Me ya sa duk wannan tsari? Domin in hanyoyin biyu suka buɗe tare, hanta za ta yi ta kashe ATP tana zagaye wuri ɗaya, kamar mai ɗiban ruwa da ƙwarya mai huda. Tsokar ƙafa kuwa gilukagon ba ya yi mata magana, ita tana nan tana sauraren AMP ɗinta.

Gadar da ba a komowa

Tsakanin gilaikolisis da zagayen Krebs akwai mataki ɗaya da ba ya cikin ɗayansu: fairubet dihaidirojinas, mai mayar da fairubet asetil-CoA. Ana tsaron wannan gada ƙwarai, kuma dalilin ɗaya ne. Fairubet yana iya komawa gilukos, asetil-CoA kuwa a jikin mutum ba ya iyawa. Duk abin da ya haye, ya fita daga asusun suga ke nan. Shi ya sa mai azumi, da jikinsa ya fara ƙona kitse, asetil-CoA da NADH suka yawaita daga kitsen, sai su sa a liƙa wa wannan enzayim fosfet ya tsaya. An sami wani itacen girki, sai a adana suga don ƙwaƙwalwa.

Cikin zagayen kansa

Ƙa'idar ba ta sauya ba. Cikin matakai takwas, uku ne masu gangare: sitiret sintas, aisositiret dihaidirojinas, da alfa-ketogulutaret dihaidirojinas. In tambaya ta ce ka zaɓi ɗaya a matsayin mai ƙayyade gudun zagayen, amsar da aka fi nema ita ce aisositiret dihaidirojinas. ADP yana zaburar da shi, ATP da NADH suna danne shi.

Me ya sa NADH ya zama babban takunkumi a nan? Domin shi ne amfanin gonar zagayen. Kowane zagaye ɗaya yana ba da NADH uku, FADH2 ɗaya, GTP ɗaya, da iskar CO2 biyu. NADH ɗin nan sai ya je ya sauke kayansa ga iskar oksijin, ya dawo a matsayin NAD+ don a sake loda masa. In kayan ba sa tafiya, buhuna sun cika, babu fanko, to dole masussuka ta tsaya. Wannan ne kuma amsar wata tsohuwar tambaya: me ya sa zagayen ke tsayawa in babu oksijin, alhali babu matakinsa ko ɗaya da ke amfani da oksijin kai tsaye? Saboda NADH ya taru, NAD+ ya ƙare.

Shi alfa-ketogulutaret dihaidirojinas, abin da ya samar ne ke danne shi, wato suksinil-CoA da NADH. Sitiret sintas kuwa ya fi dogara da samuwar kayan aikinsa, musamman okzalo'asetet, wanda kullum kaɗan ne a mitokondiriya.

Mu koma wurin mai gudunmu. Kalsiyam ɗin da ke sa tsoka ta tsuke, shi ne kuma ke shiga mitokondiriya ya zaburar da gadar fairubet da waɗannan dihaidirojinas biyu na zagayen. Wato saƙon da ya ce a yi aiki, shi ne ya ce a hura wuta, ba sai an jira aljihu ya bushe ba.

Sannan ga zaren da ya ɗinke hanyoyin biyu. In aisositiret dihaidirojinas ya lafa saboda ƙoshi, sitiret yana taruwa a bayansa, ya fita daga mitokondiriya. A waje yana yin aiki biyu: ya danne PFK-1, ya kuma zaburar da enzayim ɗin farko na ƙera kitse. Saƙonsa shi ne, tukunya ta cika, a daina turo suga, wanda ya riga ya zo a kai shi ajiya. Wannan shi ne dalilin da ya sa ƙofar da ke bayan sitiret ta fi ta gabansa amfani.

In ƙofar ta lalace

Ta yaya ake gane inda hanya ta toshe? Kamar dai a gona: ruwa ya taru a bayan toshiya, gaba kuma ya bushe. Akwai wata cuta ta gado da ba a cika samu ba, cutar Tarui, wadda likitan Japan Seiichiro Tarui ya bayyana a 1965. Masu ita ba su da PFK-1 mai aiki a tsoka. In suka yi aikin ƙarfi, tsoka ta ɗaure da ciwo, su gaji nan da nan. In aka duba tsokar, gilukos-6-fosfet da furuktos-6-fosfet da gilaikojin sun taru, domin suna bayan ƙofar. In aka sa mutum ya motsa hannu da ƙarfi aka auna jininsa, laktet ba ya hawa yadda ya kamata, domin yana gaban ƙofar.

Abin mamaki, ba shi suga kafin aiki ba ya taimakawa, yana ma ƙara masa gajiya. Sugan ba zai wuce ƙofar ba, ga shi kuma ya tayar da insulin, insulin ya rage kitsen da ke fitowa cikin jini, wanda da shi tsokar ke lallaɓawa. Ka ga wanda ya san inda ƙofa take, zai iya hango wannan tun kafin a gaya masa.

Wani gyara kafin mu rufe. Ba duk enzayim da ake iya tsayarwa ne ake sarrafawa ba. Fulorayid da ake sawa a kwalbar ɗibar jini don awon suga yana danne enolas, mataki na tara, don kada ƙwayoyin jini su cinye sugan kafin a auna. Wannan toshiya ce daga waje, ba ƙofar da jiki ya gina ba. Haka kuma, cewa PFK-1 ne babba ba ya nufin shi kaɗai ke da iko. A ƙwaya mai rai ikon a rabe yake, shigar gilukos cikin ƙwayar ma tana da nata kaso, kuma rabon yana sauyawa daga tsoka zuwa hanta.

Saboda haka, duk enzayim ɗin da aka ajiye maka a takarda, yi masa tambayoyi uku. Matakinsa yana komawa baya a cikin ƙwaya? Abin da yake samarwa yana da wata hanya ban da gaba? Sinadarin da ke taɓa shi, labarin yunwa ya kawo ko na ƙoshi? Ga kuma aikin gida: sake lissafin mai gudun nan, amma ka saukar da ATP zuwa 4.0, ka ga inda AMP zai kai. Ka aiko mana da amsarka, za mu warware ta a shiri na gaba in Allah ya kai mu.